Ƙusa ɗaya a tafin takalmin mai gyaran wuta

Wutar lantarki ba ta jan mutum sai ta samu hanyar bi ta jikinsa ta fice. Idan mai gyaran wuta ya taɓa waya mai ɗauke da wuta yana tsaye a kan siminti, hanyar kuwa ita ce daga hannu, ta ratsa ƙirji, ta sauka ta ƙafa zuwa ƙasa. Wutar gidajen Najeriya tana da ƙarfin bolt 230. Jikin da ya jiƙe da gumi turjiyarsa kan sauka zuwa wajen om 1,000, ke nan miliamfiya 230 za ta iya ratsa shi, alhali daga 30 ma zuciya ta fara shiga haɗari. Aikin tafin roba mai kauri shi ne datse wannan hanya daga ƙasa.

Sai dai ba kowane takalmin aiki ke yin haka ba. Wanda aka buga wa EH, bisa ma'aunin Amurka na ASTM F2413, an gwada tafinsa da bolt 18,000 na tsawon minti ɗaya, yana bushe, ba tare da wutar da ta zurara ta haura miliamfiya 1 ba. Wanda kuma aka rubuta wa ESD, da gangan aka yi shi ya riƙa sauke caji zuwa ƙasa don kare na'urori. A ido kamarsu ɗaya, shi ya sa dole a ɗaga harshen takalmin a karanta kafin a biya kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara. A ce tafin takalmi mai EH ya ɓanɓare a dunduniya, mai shi ya kai wa shumeka, shi kuma ya buga masa ƙusoshi don ya riƙe da kyau. Ƙusa ɗaya ta huda robar, kanta na taɓa ƙasa, tsininta na ƙarƙashin safa mai gumi. Shi ke nan, wuta ta samu gada, duk kaurin robar ya tashi a banza, mai takalmin kuwa bai sani ba. Haka guntun waya ko ƙusar da aka taka a wurin gini ta maƙale a tafin.

Ƙarfen da ake sawa a goshin takalmi don kare yatsu ba shi da laifi muddin yana lulluɓe. Amma mai yawan durƙuso a gaban akwatin wuta fatar goshin takan cinye, ƙarfen ya leƙo, ya iya taɓa waya. Mai goshin roba mai tauri ya fi dacewa da wannan sana'a.

Kowace safiya a kifa takalmin a duba tsagewa, huji da abin da ya soke shi. Idan ya jiƙe da ruwan damina, kada a dogara da shi sai ya bushe sarai. Ko sabo ne fil, ba ya kare wanda ya dafa ƙarfe da ɗaya hannun ko ya sa gwiwa a ƙasa, don haka a kashe wutar, a gwada wayar da testa, sannan a taɓa.