Me Ya Sa Kaka Ke Tsada a Wasan Biskit?

A shekarar 2013 wani Bafaranshe mai suna Julien Thiennot ya fitar da wasan Cookie Clicker, wanda ke tara maka biskit ko ba ka taɓa komai ba. Kana sayen kakanni su riƙa gasa maka, kowace kaka biskit ɗaya a daƙiƙa. Ta farko biskit 100 ce, kuma duk wadda ka saya, farashin ta gaba zai ƙaru da kashi 15 cikin ɗari.

```
farashi = 100 × 1.15^n
```

Ƙarin kamar ba wani abu ba ne, amma duk saye biyar farashi ya ninka, alhali kakar da ka ƙara biskit ɗayan nan dai take kawowa. A nan gizo ke saƙar.

Mu ɗauka kakanni kaɗai gare ka. In kana da goma, ta gaba biskit 405 ce, jiran daƙiƙa 40 ke nan. Da ashirin jiran ya koma daƙiƙa 82, wanda bai kai a yi ƙorafi ba. Da hamsin farashi ya haura 108,000, sai ka yi zaman minti 36, har shayinka ya huce. Da ɗari kuwa, kusan mako biyu za ka yi kana kallon allo. Wa zai jira?

Saboda haka mai tsara wasa ba yawan biskit yake dubawa ba. Abin da yake aunawa shi ne lokacin jira, wato farashin abu na gaba a raba da abin da ke shigowa a daƙiƙa, kuma kafin jiran ya gunduri mutum yake buɗe masa wata ƙofa. Gona biskit 1,100 ce, tana ba da takwas a daƙiƙa. Kowane biskit ɗaya na daƙiƙa ya tsaya maka a kusan 138, don haka da zarar ka mallaki kaka uku, gona ta fi ta huɗu araha. Akwai kuma kayan da ke ninka aikin kakanni, sai dai ninki ɗaya tsadar saye biyar kawai yake gogewa, shi ya sa ake jera su a kai a kai.

In an rage ƙarin zuwa kashi 7, farashi sai ya yi saye goma kafin ya ninka. Wasa ya fi gudu, amma in ba a rage samu ba, cikin yini guda an saye komai an watse.

Idan ƙofofi suka ƙare, wasan zai ba ka damar rushe komai ka faro daga tushe, kowane matakin daraja yana ƙara maka kashi ɗaya cikin ɗari. A ganina nan ne dabarar ta fi kyau, domin hanyar da ta ci maka mako yanzu gajeruwa ce. Sai dai kafin darajarka ta ninka, dole biskit ɗin da ka taɓa gasawa ya ninka sau takwas.