Ka Ce "Asiri", Waya Ta Amsa

Ana tsakiyar hira bayan la'asar wani ɗan'uwana ya ce, "Allah dai ya rufa mana asiri." Kafin mu ce amin, iPhone ɗinsa da ke kan tabarma ta yi haske, Siri ta tsoma baki da Turanci.

Ba aljanu ba ne. A cikin wayar akwai wani ɗan kunne da ba ya barci, aikinsa kawai auna sauti. Ba ya fahimtar magana. Duk abin da ya ji sai ya gwada shi da sautin sunan da aka koya masa, in sun yi kama sosai ya tayar da Siri. Da can sai ka ce "Hey Siri", amma daga iOS 17, a 2023, Apple ya yarda a kira sunan shi kaɗai. Gajeren suna ya fi saurin rikicewa, mu kuwa "asiri" da "sirri" ba sa barin bakinmu.

Maganin wannan yana cikin Settings, sashen Siri, inda ake zaɓen kalmar kira. Ka mayar da ita "Hey Siri" kaɗai. Idan har yanzu tana zabura, zaɓi Off. Sai dai ka san cewa daga nan ba kiranta da baki ko kana tuƙi.

Farkawa cikin aljihu kuma wata cuta ce daban, a nan ne mutane ke shan maganin da ba nasu ba. A yadda take zuwa daga kamfani, iPhone ba ta sauraron sunanta idan an kife ta ko an rufe fuskarta. Saboda haka in ta yi magana a aljihu, mai laifin galibi maɓallin gefe ne: ka zauna a kan babur, wando ya matse, ko makulli ya danne shi na ɗan lokaci. Kashe Press Side Button for Siri. Ka duba robar wayar ma, don wadda ta tsufa ta lanƙwashe tana iya danne maɓallin da kanta.

Gane wanne ne ba wuya. Ajiye wayar a fili ku ci gaba da hira: in ta farka, kunne ne. In kuwa sai an zauna ko an sunkuya, maɓalli ne. Idan sai ka jona abin saurare mai waya take farkawa, maɓallinsa ko wayarsa ce ta lalace, canza shi.

Masu Android su ma ƙofofin biyu ne. Kunnen yana cikin saitin Google Assistant, a Hey Google & Voice Match. Maɓallin kuma a nemi saitin dogon danna maɓallin kunna waya, wanda wurinsa ya bambanta tsakanin Tecno da Samsung.

Ɗan'uwan nawa "Hey Siri" ya zaɓa, ya sake addu'arsa da ƙarfi don gwaji. Wayar ta yi shiru.