Tafiyar dogo a ƙafar gajere: maganin santsin ƙafa a Unreal

A cikin wasan kwamfuta, ɗan wasa yakan yi tafiya ƙafafunsa suna motsi yadda ya kamata, amma tafin ƙafar da ya taka ƙasa sai ya riƙa zamewa kamar mai tafiya a daɓen simintin da aka zuba wa ruwan sabulu. Ido yana kama wannan nan take, ko da mai kallo bai san sunan matsalar ba. Mafi yawanci tana fitowa ne idan aka ɗauko tafiyar da aka tsara wa wani jiki aka ɗora wa wani mai tsawo dabam.

Kowane ɗan wasa yana da ƙwarangwal a cikin jikinsa, ƙasusuwan da ba a gani, kuma motsin da aka adana ba komai ba ne illa bayanin yadda kowane ƙashi yake juyawa a kowane lokaci. Tsara tafiya mai kyau aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, shi ya sa ake aron ta. Manhajar Unreal Engine 5, wadda kamfanin Epic Games ya fitar a 2022, ta zo da kayan aiki biyu don wannan aro: IK Rig, inda ake bayyana wa manhajar sassan jiki, da IK Retargeter, inda ake haɗa jikin da za a kwafa da wanda za a ɗora wa. Abin da ake kwafowa da farko shi ne juyawar gaɓoɓi. Tsawon ƙashi kuwa kowa da nasa.

A nan ne lissafin yake. A Unreal, ma'auni ɗaya santimita ɗaya ne. Mu ɗauki dogo mai ƙafa santimita 90 daga ƙugu zuwa ƙasa, wanda takunsa ɗaya santimita 75 ne, yana taku biyu a daƙiƙa. Saurinsa santimita 150 ke nan a daƙiƙa. Aka ɗora tafiyarsa a kan gajere mai ƙafa santimita 60. Cinyar gajeren za ta buɗe daidai gwargwadon buɗewar ta dogon, amma tunda ƙafarsa kashi biyu cikin uku ce ta dogon, takunsa santimita 50 ne kawai. Ƙafafunsa suna cin 100 a daƙiƙa. Idan wasan ya ci gaba da tura jikinsa da saurin 150, to a kowane taku akwai santimita 25 da babu ƙafar da ta taka su, dole tafin ya ja ƙasa ya cike giɓin.

Wannan ya ba mu hanyar gane ciwon. A rage saurin wasan a zuba wa ƙafar da ke ƙasa ido. Idan tana zamewa gaba, jiki ya fi ƙafa sauri. Idan baya take zamewa, kamar yadda zai faru in an ɗora wa ƙato tafiyar nan, ƙafa ce ta fi jiki sauri. Idan kuwa ba ta da alƙibla ɗaya, tana ɗan rawa nan da can ko tana nutsewa cikin ƙasa, matsalar ba ta sauri ba ce, kuma za mu zo kanta.

Gyaran sauri ya danganta da wanda ke tura jikin. Tafiya iri biyu ake adanawa. Akwai wadda ɗan wasan ke taku a wuri ɗaya, sai Character Movement ya riƙa tura shi. A nan sai a mayar da Max Walk Speed na gajeren zuwa 100, a kuma gyara lambobin sauri a Blend Space su dace. Wasu sukan bar saurin a 150 su ƙara Rate Scale zuwa 1.5. Lissafin ya fita, amma gajeren zai koma taku uku a daƙiƙa, sai ka ga kamar an biyo shi. A ganina ƙari kaɗan ba laifi, rabi guda kuwa ya yi yawa. Iri na biyu shi ne wanda ƙashin tushe, root, ke ɗauke da tafiyar da kansa. A nan IK Retargeter yana rage nisan tafiyar ƙugu gwargwadon bambancin tsayin ƙugun jikin biyu, muddin an sa pelvis a matsayin Retarget Root a duka IK Rig ɗin. Sai a tabbata motsin ya kai ga root na sabon jikin, kuma an kunna Enable Root Motion. Motsin da aka sauko da shi daga Mixamo yana yawan ba da wahala a nan, domin ƙwarangwal ɗinsa ba shi da root, ƙugu ne ke ɗauke da komai.

Kafin a zargi komai dai, a duba tsayuwar farko. Jikin Mixamo yana tsaye hannu a miƙe kamar harafin T, Manny na Unreal kuwa hannunsa ya sauka kamar harafin A, kuma buɗewar ƙafa da karkatar tafi ma sukan bambanta. In ba a daidaita su a Retarget Pose ba, wannan karkata za ta bi kowane taku.

Yanzu ƙafar da ke rawa. Gajere ba dogo ba ne da aka matse. Wataƙila cinyarsa doguwa ce ƙwaurinsa gajere, ko takalminsa mai tudu ne. Juyawar gaɓoɓin da ke riƙe tafin dogo cak a wuri ɗaya ba za ta riƙe nasa ba. Maganin shi ne a juya lissafin: a fara kafa wurin tafi, manhajar ta nemo yadda gwiwa da cinya za su lanƙwashe su kai can. Abin da IK ke nufi ke nan. Ana sa IK Goal a kowace ƙafa, a haɗa shi da sarƙar LeftLeg da RightLeg, a ƙara Full Body IK ko Limb IK a jikin da ake ɗora wa.

Nan take mutum zai so ya ɗaga Blend To Source zuwa 1, wato gajere ya taka daidai sawun dogo. Santsi zai ragu in jikin ma ya bi saurin dogon, amma a duba kuɗin da aka biya. Ƙafa mai santimita 60 da za ta yi takun 75 sai ƙugu ya sauko zuwa wajen santimita 47 daga ƙasa, maimakon wajen 55 da takunsa na 50 yake buƙata. Ko dai ya riƙa tafiya a durƙushe, ko gwiwarsa ta miƙe sarai ta riƙa fizga a ƙarshen kowane taku. Wannan dabara ta dace da jikin da tsawonsu ya yi kusa, ko inda dole a taka wuri ƙayyadadde kamar matakalar bene.

Ga gajeren namu, Speed Planting ya fi. Ana buɗe motsin asali a ɗora masa Motion Extractor Modifier, a zaɓi ƙashin ƙafa kamar ball_l, a sa Motion Type a Translation Speed. Wannan zai zana layin da ke nuna saurin ƙafar a kowane lokaci. A maimaita wa ɗaya ƙafar, sannan a ba kowace sarƙar ƙafa sunan layinta a IK Retargeter. Duk sanda saurin ƙafar dogon ya sauka ƙasa da Speed Threshold, wanda yake zuwa a kan 15, sai a kafe tafin gajeren inda yake har dogon ya ɗaga tasa. In an ɗaga lambar da yawa, ƙafa za ta manne ta makara wajen tashi. In ta yi ƙasa da yawa, ba za ta kafu ba sam, musamman a motsin da aka ɗauka daga jikin mutum na gaske, wanda tafinsa ba ya rasa ɗan karkarwa.

Sharaɗinsa ɗaya ne: motsin asali ya kasance mai tafiya da gaske. A tafiyar wuri ɗaya, ƙafar da ke ƙasa ja da baya take yi da saurin 150, don haka layinta ba zai taɓa sauka ƙasa da 15 a lokacin da ake buƙata ba. Kuma kafewar ba ta maye gurbin gyaran sauri. In aka bar giɓin santimita 25 ɗin nan aka kafe tafi, jiki zai wuce ya bar ƙafa a baya, sannan ta fizgo ta biyo shi. Sunayen wasu maɓallan da wurarensu sun sauya tsakanin fitowar 5.0 da na baya-bayan nan, amma jerin aikin bai sauya ba: tsayuwar farko, sai saurin jiki, sannan kafe tafi.