Idan mai rubuta asusu shi ne mai bincikensa: inda 'yancin odita ke shiga haɗari

Rahoton odita takarda ce ta shafi biyu ko uku, amma a kanta banki ke dogara kafin ya ba da rance, da ita kuma masu hannun jari ke yarda da ribar da aka sanar musu. Darajarta ba ta wuce abu guda ba: wanda ya sa hannu ba shi ya haɗa lissafin ba, kuma ba ya da wata riba ko asara a sakamakon. Matsala na kunno kai ne idan ofishin akantocin da ke binciken kamfani shi ne kuma ke riƙe masa littattafan asusu, ko ke ba shi shawara ana biyansa.

Kundin ƙa'idojin ɗa'a na duniya na hukumar IESBA, wanda dokokin sana'ar akanta a Nijeriya ke bin sawunsa, ya ambaci barazana iri biyar ga 'yancin odita: son zuciya, duba aikin kai, tsaya wa kamfani a matsayin mai kare shi, sabo da ya yi yawa, da tsoratarwa. A batun riƙon asusu, biyun farko ne suka fi yin ɓarna.

A ɗauki misali, wanda aka ƙaga don bayani kawai. Kamfanin sarrafa shinkafa ya nuna ribar Naira miliyan 80 a shekara. Yana bin dillalai bashin miliyan 120, kuma miliyan 50 daga ciki ya haura shekara ba a biya ba. Ofishin akantocin da ke riƙe littattafansa ya ƙiyasta cewa kashi 10 cikin 100 na tsohon bashin ne ba zai dawo ba, ya ware masa miliyan 5. Da lokacin bincike ya zo, wata tawaga daga wannan ofishin ta gano cewa dillali guda da ake bi miliyan 30 ya rufe shago tun watanni takwas da suka wuce, ba a kuma san inda yake ba. Idan aka cire wannan kuɗi gaba ɗaya ƙari a kan abin da aka ware, riba za ta sauko daga miliyan 80 zuwa miliyan 50, bankin da ya ba da rance kuma zai fara tambayoyi.

Odita na waje da ba ruwansa da ƙiyasin farko zai nemi a gyara, idan an ƙi ya rubuta haka a rahotonsa. Wannan tawaga kuwa, neman gyara daidai yake da shaida cewa ofishinta ya yi kuskure. Ba sai akwai mugun nufi ba. Mutum ya fi saurin amincewa da hujjar da ta fito daga abokin aikinsa, kuma galibi ba ya sake tono abin da yake ganin an riga an tantance. A nan son zuciya ke shigowa: idan kuɗin bincike miliyan 6 ne, na riƙon asusu da shawara kuma miliyan 14, to saɓani da shugaban kamfanin na iya jawo asarar miliyan 20, ba 6 ba.

Duniya ta ga wannan a kamfanin makamashi na Enron a Amurka. A shekarar 2000 ya biya ofishin Arthur Andersen kimanin dala miliyan 25 na bincike, da kusan miliyan 27 na shawara da sauran ayyuka. Ofishin ya kuma yi wa kamfanin aikin binciken cikin gida. Enron ya durƙushe a watan Disamba na 2001, Andersen ya bi bayansa a 2002. A shekarar ce Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley, wadda ta hana odita yi wa kamfanin da ke kasuwar hannun jari ayyuka irin su riƙon asusu, ƙiyasin darajar kadara, da binciken cikin gida. Tarayyar Turai ta bi wata hanya a 2014: ayyukan da aka halatta ma, kuɗinsu kada ya wuce kashi 70 cikin 100 na matsakaicin kuɗin bincike na shekaru ukun da suka gabata.

Ƙa'idojin IESBA sun raba kamfanoni gida biyu. Ga waɗanda jama'a ke da ruwa da tsaki a cikinsu, kamar bankuna, kamfanonin inshora da waɗanda ke kasuwar hannun jari, hanin a bayyane yake: odita ba zai riƙe musu asusu ba. Tun daga Disamban 2022 an ƙara tsanantawa, ta yadda duk aikin da zai iya sa odita ya duba aikin kansa ya haramta, komai ƙanƙantar kuɗin da abin ya shafa. Ga sauran kamfanoni an bar kafa, domin da yawansu ba sa iya ɗaukar ƙwararren akanta na dindindin. An yarda ofishin ya yi aikin da ba ya buƙatar yanke hukunci, kamar lissafa albashi daga bayanan da kamfanin ya bayar, ko shigar da cinikin da kamfanin ya riga ya amince da inda za a sa shi.

Iyakar dai ita ce wanda ya yanke shawara. A misalin shinkafa, tattara jerin masu bashi da tsawon lokacin da kowane ya ɗauka aiki ne da aka yarda da shi. Zaɓen kashi 10 kuwa hukunci ne na shugabannin kamfani, kuma odita da ya ɗauki nauyin shugabanci ya fita daga 'yancinsa, babu wani matakin kariya da zai wanke shi. Dole kamfanin ya sa mutum nasa mai ilimin abin, wanda zai duba aikin, ya amince, ya kuma ɗauki alhakinsa. Sa hannun manajan da bai fahimci abin da ya sa wa hannu ba, bai cika wannan sharaɗi ba.

Inda aka yarda da aikin, matakan kariya da aka saba su ne a raba ma'aikata, wato wanda ya taɓa littattafan kada ya shiga tawagar bincike, sannan a sa wani ƙwararre da bai shiga ko ɗaya daga ayyukan biyu ba ya sake dubawa. Waɗannan na aiki a babban ofishi. A ofishi mai abokan tarayya biyu da ma'aikata goma, rabuwar na iya tsayawa a takarda kawai, tunda aljihu ɗaya kuɗin ke shiga. Idan barazanar ta ƙi raguwa, abin da ya rage shi ne ofishin ya ajiye ɗaya daga ayyukan biyu.

A Nijeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta hana jami'i ko ma'aikacin kamfani zama oditansa, ta kuma wajabta wa kamfanonin jama'a kafa kwamitin bincike mai mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa gudanarwa. Kundin shugabancin kamfanoni na 2018 da Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta fitar ya ce ofishi ɗaya kada ya wuce shekara goma a jere yana binciken kamfani, ya kuma ɗora wa kwamitin bincike tsara irin ayyukan da odita zai iya yi bayan binciken.

Mai hannun jari na iya gane alamun da kansa. A bayanan da ke bin rahoton shekara ana rubuta abin da aka biya odita. Ya nemi adadin da aka biya na sauran ayyuka, ya kwatanta su. A babban taron shekara yana da damar tambayar wanda ya haɗa asusun, da wanda ya yi ƙiyasin bashin da ba zai dawo ba, da kuma ko kwamitin bincike ya amince da ƙarin aikin tun kafin a fara shi.