Yadi Nawa Labulen Taga Ke Ci?

Sau da yawa akan ga mutum ya auna bakin tagarsa kawai, ya nufi kasuwa, kamar Kantin Kwari ta Kano, ya yanko ƙyalle daidai da awon. In tela ya gama ɗinki aka rataya, sai labule ya miƙe shamɓal kamar zani a igiyar shanya, haske na kutsowa ta gefe. Dalili kuwa shi ne sandar labule ya kamata a auna, sa'an nan a yi wa tattara da kalmasa tanadi.

Bari mu ɗauki taga mai faɗin inci 48. Ana son sanda ta zarce ta da inci 6 dama da hagu, don in an zuge labule kada ya tare haske. Tsawon sanda ya zama inci 60 ke nan. Labule ba ya kyau sai da tattara, saboda haka akan ninka wannan awo sau biyu, a sami 120. Idan ƙyallen shara-shara ne, har sau uku akan ninka. Da yake labulen gida biyu ne, gefensa huɗu, kowane gefe kuma zai ci inci 2 na kalmasa, faɗin da ake bukata ya kai inci 128.

To, ƙyallen labule da yawa faɗinsa inci 54 ne. Falle biyu 108 ne, ba su isa ba, tilas sai uku. Na ukun akan tsaga shi biyu, a haɗa kowane rabi ta wajen bango, inda ɗinki ba zai fito fili ba.

Sai batun tsawo. A ce daga sanda zuwa inda labule zai tsaya inci 72 ne. A ƙara 8 na kalmasar ƙasa, wadda akan naɗe sau biyu don ta ba shi nauyi, da 4 na sama. Kowane falle ya zama inci 84, ukun kuma 252. Tun da inci 36 ne yadi ɗaya, yadi 7 cif za a saya. Ashe turmin atamfa mai yadi 6 ba zai rufe wannan taga ba.

Ƙyalle mai manyan furanni kuwa ya fi ci, domin dole furen wannan falle ya dace da na wancan. Idan furen na maimaituwa bayan kowane inci 18, sai a yanka falle a inci 90, wato fure biyar cur, a sayi yadi 7 da rabi.

Daga ƙarshe, ƙyallen auduga yakan tsuke a wankin farko. A sayo shi da ɗan rara, a wanke, a goge, tukuna almakashi ya taɓa shi.