Lambar QR a Takardar Shaida: Me Take Tabbatarwa?

Makaranta kan sa wa shaidar digiri hannu da mabuɗinta na sirri, ta aika cikin jakar shaida ta wayar ɗalibi. Idan ma'aikata ta nemi hujja, sai manhajar ta fitar da lambar QR. Na'urar mai ɗaukar aiki ta karanta, ta gwada sa hannun da mabuɗin makarantar na fili. Ko harafi ɗaya aka sauya, gwajin zai faɗi.

Amma a kula, hoton lambar da aka turo ta WhatsApp ba hujja ba ce, domin mayaudari na iya haɗa lambar da ke kai mutum shafin bogi mai kama da na makaranta. A duba adireshin da kyau. Kai kuma mai shaida, nuna digiri da shekara kawai, ka ɓoye ranar haihuwarka, sannan ka sa wa izinin wa'adi.