Daga shekara zuwa rana a jadawali guda

Mai shagon atamfa a Kantin Kwari yana son ganin cinikinsa na 2024, da watan da ya fi kawo kuɗi, da kuma ranar. A manhajar Power BI, jadawali ɗaya ya wadatar.

Da farko a tabbatar ginshiƙin kwanan wata yana kan Date. Idan yana kan Text, manhajar za ta ɗauke shi rubutu kawai, matakan ba za su fito ba. In ya daidaita, a ja shi zuwa X-axis, sai Year, Quarter, Month da Day su jeru. Ni dai ina cire Quarter, domin ɗan kasuwa da wata yake lissafi.

Tarkon yana wajen kibiyoyin da ke saman jadawalin. A kunna Drill down a danna 2024, watanninta kaɗai za su bayyana. Kibiyoyi biyun nan na kusa da ita kuwa haɗe Afrilun 2023 da na 2024 suke yi a sanda guda. Alamar ita ce Afrilu ɗaya ya zarce abin da ke littafin ciniki nesa ba kusa ba.